Yadda na raini 'ya'yan mage marayu a tsakiyar hunturu

Kiwon kaji nake yi a Samaru ta Zariya, masu ƙwai, kuma duk mai ajiye buhunan abincin kaji ya san ɓera ba ya barin mutum ya huta. Shi ya sa muke da mage a gidan. Ba ta ado ba ce, 'yar aiki ce, a sito take kwana. A wani Disamba ta haihu a bayan buhunan dusa, 'ya'ya uku, kwana kaɗan bayan nan babur ya take ta a bakin titi. Yaran unguwa ne suka gane ta, suka zo suka faɗa mana, kuma kafin in dawo daga kai ƙwai kasuwa sun riga sun zaƙulo 'ya'yan suna ta jagwalgwala su.

Ina so in faɗi wani abu tun a nan, domin mutane da yawa na ɗauke 'ya'yan mage alhali uwarsu na raye. Mage takan fita farauta ta yi sa'o'i, takan kuma kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta sauya musu wuri. In ka tarar da su a dunƙule, jikinsu da tsabta, cikinsu a cike, suna barci, to uwar na kusa, ka ja da baya ka ba ta lokaci. Mu dai gawar uwar muka gani da idonmu, babu abin jira.

Da na karɓe su daga hannun yaran, biyu suna motsi suna kuka a hankali, ƙaramar kuwa ta yi laƙwas. Yaran sun ce sun ba ta nono da cokali, sun kwantar da ita rigingine kamar jaririn mutum suka ɗura mata. Da kyakkyawar niyya suka yi, amma nono na fitowa ta hancinta. Surukata, wadda muke kira Inna, ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, kar dai a bar su su mutu a gidan nan muna kallo. Kin san hadisin matar da ta kulle kyanwa." Na ce mata na sani, Inna. Na kira wata likitar dabbobi da ke duba mini kaji, na ce mata ga abin da ke hannuna, wace madara zan ba su.

Ba ta amsa tambayata ba. Cewa ta yi, "Hajiya, sa yatsanki a bakin ɗaya. Da ɗumi ko da sanyi?" Na sa, na ji sanyi. Tafin ƙafafunsu ma sanyi ƙalau. Ta ce to kada in kuskura in ba su komai sai sun yi ɗumi. Dalilin da ta ba ni shi ne, ɗan mage sabon haihuwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai wajen mako huɗu, da jikin uwa da na 'yan uwansa yake dogara. In jikinsa ya huce, hanjinsa tsayawa yake yi. Madarar da aka zuba masa sai ta kwanta a ciki ta ƙi tafiya, ta kumbura shi, ko ta dawo ya shaƙe ta zuwa huhu. Wato madarar da kake ganin ceto ce, ita ce za ta ƙarasa shi.

Sai na sa su a cikin rigata, jikinsu na taɓa fatata, na lulluɓa da zani. A hankali ake ɗumama su, ba a tsoma su a ruwan zafi, ba a kuma kanga su a wuta. Likita ta ce in jiƙa ɗan sukari a ruwan ɗumi, in dangwala da yatsa in shafa musu a dasashi, ba ɗurawa ba, don sukarin jininsu kan faɗi da sauri in sun daɗe ba su sha ba. Bayan kamar awa guda manyan biyun suka fara kutsawa suna neman nono a jikina, kukansu ya yi ƙarfi. Ƙaramar ta yi ɗumi ita ma, amma numfashinta na fita da wata 'yar ƙara, kuma ba ta kama komai da baki.

Makwancinsu kwalin taliya ne. Na shimfiɗa tsohon bargo, na cika gorar roba da ruwan zafi, na naɗe ta da tawul har sai da na iya ɗora bayan hannuna a kai na daɗe ban ji ƙuna ba, na ajiye ta a gefe ɗaya na kwalin. Gefe ɗaya ɗin nan da muhimmanci, domin in zafi ya yi musu yawa su samu inda za su ja jiki. Na rufe saman da zani na bar kafar iska. A makon farko ana son cikin kwalin ya kai digiri 30 ko sama da haka kaɗan, sannan a riƙa ragewa har ya sauko wajen 24 in sun kai wata guda. Da ma'aunin zafin ɗakin 'yan tsakina na riƙa dubawa, amma ko babu shi, su da kansu suna nunawa, kamar dai 'yan tsaki: in sun hau kan juna suna kuka ba ƙaƙƙautawa sanyi suke ji, in sun watse kowa ya miƙe nesa da gorar zafi ya yi yawa. Daren hunturu a Zariya yakan sauko ƙasa da digiri 15, gorar kuma ba ta wuce awa biyu zuwa uku ta huce, don haka duk lokacin shayarwa nakan sauya ruwan daga fulas. Maigida ya kawo shawarar a ajiye kaskon garwashi kusa da kwalin. Na ƙi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe babban mutum, balle abin da bai fi tafin hannu ba.

Daga kamanninsu muka ƙiyasta shekarunsu, ko in ce kwanakinsu. Idanunsu a rufe, kunnuwa a naɗe, cibiyar biyu ta faɗi, ta ƙaramar ta bushe tana reto. Cibiya kan faɗi wajen kwana uku zuwa biyar, ido kuma yakan fara buɗewa tsakanin kwana bakwai da goma. Ke nan ba su kai mako ba. Abin da ya ɗan kwantar mana da hankali shi ne sun samu dakashin uwarsu, wanda a ranar farko kaɗai jikinsu ke iya ɗaukar kariyar da ke cikinsa. Na ɗora su a kan ƙaramin sikelin da nake auna maganin kaji: babban, wanda yara suka sa wa suna Goje, giram 135, mai rodi-rodi, Rodi, giram 120, Auta giram 95.

Sai batun madara. Nonon saniya bai ishi ɗan mage ba. Abin gina jiki da maiƙon da ke cikinsa sun yi masa kaɗan, sukarin madara kuma ya yi masa yawa, shi ya sa yake sa su gudawa, gudawa kuma a wannan girman kwana ɗaya ta isa ta tafi da su. Madarar gari ta shayi da ta jarirai ma ba nasu ba ne. Akwai madarar gwangwani da aka haɗa musamman don 'ya'yan mage, amma ba a kowane shago ake samunta ba, sai da na aika Kaduna aka ba direba ya taho da ita. Kafin ta iso, likita ta ba ni haɗin wucin gadi: nonon akuya kofi guda, a tafasa a bari ya huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai ɗaya a ciki ba tare da farin ba, a ɗiga man girki ƙaramin cokali. Ta jaddada mini cewa wannan na riƙon ƙwarya ne na kwana ɗaya ko biyu, nonon akuyar ma bai kai na uwarsu ba. Ƙwai dai ba ni da matsalarsa, akuya kuma maƙwabciyata na da mai shayarwa.

Da gwangwanin ya iso, a jikinsa an rubuta awo ɗaya na gari, awo biyu na ruwan ɗumi. Wuta ba ta zama a unguwarmu, firji ba abin dogaro ba ne, don haka ban taɓa haɗa mai yawa in ajiye ba. Duk shayarwa sabon haɗi, da tafasasshen ruwa, abin da ya rage a zubar. Nakan ɗiga a wuyan hannuna, in na ji shi daidai da ɗumin jikina to ya yi.

Lissafin abin da za a ba su ba shi da wuya. Ɗan mage mai nauyin giram 120 yana bukatar kamar mil 30 a yini da dare, cikinsa kuma ba ya ɗaukar fiye da kamar mil 4 a kan kowane giram 100 a zama ɗaya. In ka raba mil 30 gida takwas, sai ya zama kusan mil 4 duk bayan awa uku, dare da rana. Haka na yi wa Rodi, Goje kuma na ƙara masa kaɗan. A kwanakin farko ma ban bari sun kai awa uku ba. Da sirinji marar allura na fara, ina ɗiga musu a gefen baki ɗigo ɗigo, ina jiran su haɗiye kafin in ƙara, sai daga baya 'yar ƙaramar fidar da ta zo da gwangwanin ta karɓi aikin. Kan fidar ba a huda yake zuwa ba. Da allura mai zafi na huda shi, daidai yadda in an kifa kwalbar madarar za ta riƙa ɗigowa a hankali, ba ta zubo ba. In ramin ya yi ƙanƙanta ya tsotsa har ya gaji bai sami komai ba, in ya yi faɗi ya ƙware.

Yadda ake riƙe shi ne abin da nake roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe. A kan cikinsa ake ɗora shi, rub da ciki a kan tawul, kansa ya ɗan ɗago, yadda yake kwanciya a jikin uwarsa. Ba a juya shi rigingine, ba a kuma matsa kwalbar don ya yi sauri. In ya kama da kyau za ka ga harshensa ya naɗe kan fidar, kunnuwansa na rawa, ƙafafun gaba na tattaka tawul. In madara ta ɓullo ta hanci, a tsaya nan take.

Auta ba ta kai ga wannan ba. Na kai ta wurin likita da safe, ta saurari ƙirjinta ta ce nonon ya shiga huhu, ta yi mata abin da za ta iya, amma daren da ya biyo baya ta mutu. Yaran da suka ba ta nonon sun yi kuka sosai. Ban yi musu faɗa ba, na dai zaunar da su na nuna musu yadda ake riƙe Goje, kuma babbar cikinsu ita ta riƙa karɓar mini shayarwar la'asar har aka yaye su.

Akwai aikin da babu wanda ke tunaninsa sai an faɗa masa. Ɗan mage ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai ya kai mako uku ko huɗu, uwarsa ce ke lasar ƙasansa har su fito. Don haka bayan kowace shayarwa nakan jiƙa auduga da ruwan ɗumi in riƙa shafa wurin a hankali. Fitsari kan zo kusan kowane lokaci, kashi kuma sau ɗaya a rana ko bayan kwana ɗaya. Audugar nan ita ce ke ba ni labarin cikinsu. Fitsari mai haske alamar ruwan jiki ya wadata ne, in ya yi duhu kamar shayi to sun fara bushewa. Kashi mai kyau ruwan ɗorawa ne mai ɗan kauri. In ya zama ruwa, yawanci madara ta yi yawa ko ta yi kauri, sai a rage a ƙara sirkawa na 'yan shayarwa. In bai tsaya ba cikin yini, a nemi likita. In kuma an wuce kwana biyu babu kashi, ciki ya yi tauri, shi ma na likita ne. Bayan an gama sai a tsane su da busasshen ƙyalle, kada a mayar da su kwali da danshi.

Inna kan tsaya a bakin ƙofa tana kallona da audugar a hannu da ƙarfe ukun dare ta ce, "Allah ya ba ki lada, amma ni ko jikokina ban yi wa wannan ba." Ba zan ɓoye ba, makonni biyun farko sun ci ni. Ga kaji da asuba, ga yara 'yan makaranta.

Kullum da safe kafin su sha, nakan auna su in rubuta a bayan littafin da nake lissafin ƙwai. Lafiyayyen ɗan mage kan ƙara giram 10 zuwa 15 a rana, wato kamar giram 100 a mako. Ido ba ya ganin wannan, sikeli ne ke gani, kuma shi ya ceci Rodi. A mako na biyu, idanunsu sun buɗe shuɗaye, Goje na ta hauhawa, ita kuwa ta tsaya a giram 205 kwana biyu a jere. Tana shan madararta, babu gudawa, a ido lafiyarta lau, sai dai barcinta ya yi yawa. Likita ta ce in ɗaga leɓenta in dubi dasashi. Na Goje jajir, nata kuma ya yi fari-fari. Ta ce in bincika gashin wuyanta da hammata. Ƙuma ce, ta gado daga makwancin uwarsu a sito, tana shanye mata jini. Abin da jikinsa gaba ɗaya bai fi giram 200 ba, jininsa bai wuce 'yan cokula ba, ƙuma kaɗan ta isa ta ƙarar da shi.

A nan ma mutane kan kashe su da taimako. Wani ya ce a fesa maganin sauro, wani ya ce a shafa piya-piya, wani ya kawo maganin kaskar kare. Duka guba ne ga mage, musamman masu sinadarin famitrin da ake sa wa karnuka. Abin da muka yi shi ne wanka da ruwan ɗumi da sabulun jarirai daga wuya zuwa ƙasa, da rana tsaka, cikin sauri, aka tsince ƙumar ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin mataji mai ƙananan haƙora, aka tsane su sarai aka mayar jikin gora. Bargon na ƙone shi, kwalin na sauya. Kwana biyu bayan nan sikeli ya fara motsi. Tunda ana maganar guba, bari in ƙara da farasitamol: ƙwaya ɗaya na iya kashe babbar mage, kada a ba su ko da jikinsu ya yi zafi. Maganin tsutsar ciki kuwa likita ce ta auna musu da nauyinsu bayan sun wuce mako biyu.

Wata matsala da ta taso a lokacin ita ce Goje ya fara tsotsar ƙasan 'yar uwarsa in yana neman nono, har wurin ya yi ja. Na sa kwali a tsakaninsu na 'yan kwanaki, kowa da gorarsa, ina haɗa su in ina zaune kusa.

Daga mako na uku aiki ya fara sauƙi. Tazarar shayarwa ta koma awa huɗu, sannan biyar, suna shan mai yawa a zama ɗaya. Haƙoran gaba suka tsiro, sai fiƙoƙi. Suka fara tafiya suna tangaɗi, na ajiye musu faffaɗan murfin roba da yashi mai laushi, ina ɗora su a kai bayan sun sha ina kama ƙafarsu ta gaba ina tona yashin. Ba su ba ni wahala ba, abin a jininsu yake.

Yaye ba da kwanan wata ake yinsa ba. Alamarsa ita ce su fara taunar kan fida maimakon tsotsa, haƙoran gefe su fara lekowa, kuma yawanci wajen mako huɗu zuwa biyar ne. Goje ya kai giram 460 lokacin da ya tsinke kan fidar da haƙori. Na dafa naman kaza ba gishiri, ba albasa, ba maggi, na daka shi lilis, na dama da madararsu ya zama kamar kunu mai kauri, na shafa masa a leɓe da yatsa. Ya lashe, ya bi yatsan har cikin faranti. Farantin ya zama marar zurfi, domin da farko shiga ciki suke yi da ƙafa huɗu, sai an goge su an busar. Rodi ta ƙi. Ta shinshina ta juya baya tana neman fidarta, ta kuma yi kusan mako guda a haka. Ban tilasta mata ba, ban kuma janye mata fida don yunwa ta koya mata ba, domin ɗan mage da aka matsa wa yaye ramewa yake yi ba ci ba. Nakan fara miƙa farantin, in sun ci abin da za su ci sai in cike da fida, da safe kuma sikeli ya gaya mini ko abin da suka ci ya isa. Kullum ina rage madarar cikin damun, ina ƙara kaurinsa, ga ruwan sha a wani murfin daban. Wajen mako bakwai dukansu sun bar fida.

Abin da za su ci bayan yaye shi ne inda na fi saɓa wa mutanen gidanmu. A wurinmu mage ragowar tuwo da miya ake zuba mata. Babbar mage mai farautar ɓera tana cike giɓin da kanta, amma ɗan wata biyu da bai iya farauta ba, tuwo ba zai gina shi ba. Mage maciyiyar nama ce, akwai abin da jikinta ke bukata wanda sai a nama, rashinsa kan taɓa ido da zuciya. Miyarmu kuma ba ta rabuwa da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna lalata jinin mage. Tsokar nama zalla ma ba ta wadatar ba, don ba ta da sinadarin ƙashi, ɗan magen da aka raina da ita kaɗai ƙafafunsa kan lanƙwashe. Hanta kullum ita ma illa ce, haka ɗanyen kifi. Saboda haka na sayi buhun abincin 'ya'yan mage na kanti, ina jiƙa shi da ruwan ɗumi ya yi laushi, shi ne ginshiƙi, dafaffen nama da ƙwai su zama ƙari, sau huɗu a rana. Abincin kare ba ya maye gurbinsa. Ya fi tuwo tsada, amma buhu ƙarami ya daɗe musu.

Da suka kai wata biyu aka yi musu allurar rigakafin farko, ta ciwon hauka kuma sai da suka cika wata uku. Rodi ce ta gaji uwarta a sito, na kuma kai an yi mata aikin hana haihuwa kafin hunturu ya zagayo. Goje maƙwabciyar da ta ba mu nonon akuya ce ta roƙe shi, na ba ta tare da sauran buhun abincinsa, da sharaɗin ba za a zuba masa miya ba.